Yadda mai gida zai ce wa mai neman haya "a'a" ba tare da an ɓata ba: tambayoyi da amsoshi

Gida ɗaya ne, masu nema kuwa sukan kai biyar ko shida. Mutum ɗaya zai karɓi makulli, sauran kuma dole a sallame su. Na daɗe ina bayar da haya, kuma rigimar da na fi gani da wanda aka hana take tashi, domin an bar shi yana jira, ko an yi masa ƙarya, ko kuɗinsa ya kwana a hannun wani. Ga tambayoyin da masu gidaje suka fi yi mini a kan wannan.

Idan na yi shiru ban kira shi ba, ai zai gane da kansa. Me ya sa sai na ba shi amsa?

Ba zai gane ba, ko kuma zai gane a makare. Mai neman gida yana da ranar da zai tashi daga inda yake. Muddin bai ji "a'a" daga bakinka ba, yana lissafa gidanka a cikin abin da ya kama. Wani zai daina zagayen neman wani gidan, wani ma zai sanar da mai gidansa na yanzu cewa ƙarshen wata zai fita. Ran da ya zo ya tarar da labulen wani a tagar, kwanakin da ka cinye masa ne za su fi ƙona masa rai, fiye da rashin gidan.

Kunya ce ke sa mu shiru, kuma ita ke sa mu ce "bari mu gani", ko "zan neme ka", ko "kada ka damu". A ran mai gida waɗannan kalmomi sallama ce. A kunnen mai nema kuwa alkawari ne. Idan aka zauna sulhu daga baya, zai ce "ai shi ya ce kada in damu", kuma gaskiya ya faɗa.

To yaushe ya kamata in sanar da shi?

Ranar da ka yanke shawara, ko washegari. Abin da ya fi ma shi ne ka yanka wa kowa rana tun lokacin da ya zo duba gida: "Nan da kwana uku za ka ji daga gare ni, ko an dace ko ba a dace ba." Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani, domin ta riga ta shaida masa cewa rashin dacewa na cikin lissafi.

Akwai wuri ɗaya da jinkiri ke da hujja. Ka zaɓi mutum na farko amma bai sa hannu a yarjejeniya ba, bai kuma biya ba. Idan ka sallami kowa sannan ya janye, ka koma farko. A nan ka sallami waɗanda ka tabbata ba za ka ba su ba, na biyu kuma ka gaya masa matsayinsa ƙarara: akwai wanda ke gabansa, zuwa rana kaza za a san ko ya kammala, kuma kada ya dakatar da nema saboda kai. Ranar ta zo, ka kira shi ko da amsar ba ta yi masa daɗi ba.

Da baki zan faɗa, ko a waya, ko in rubuta?

Wanda ya tambaya a saƙo kawai bai taɓa zuwa ba, saƙo ya ishe shi. Wanda ya zo ya duba, kuka zauna kuka yi magana, balle wanda ya ajiye kuɗi, sai ka kira shi, sannan ka bi kiran da rubutaccen saƙo a ranar. Kiran na mutunci ne, domin murya na ɗaukar ban haƙurin da rubutu ba ya ɗauka. Rubutun kuma shi ne shaida. Bayan wata biyu babu mai tuna ainihin kalmomin da aka faɗa a waya, kowa zai tuna abin da ya yi masa daidai, amma saƙo yana nan da ranarsa da lokacinsa.

Kada ka aika da saƙon murya a maimakon rubutu. A saƙon murya baki yakan zarce, ka fara ban haƙuri ka ƙare da faɗin abin da ba a tambaye ka ba, kuma ana iya tura shi ga kowa. Kada kuma ka faɗa masa a gaban maƙwabta ko sauran 'yan haya. Hanin da aka yi wa mutum shi kaɗai yakan haɗiye shi, wanda aka yi masa a bainar jama'a kuwa sai ya nemi ramawa.

Me da me ya kamata saƙon ya ƙunsa?

Gaisuwa da godiya, sai hukuncin a fili, sai maganar kuɗinsa da takardunsa, sai fatan alheri. Dalili kuma, in za a faɗa, jimla ɗaya. Ga irin wanda nake aikawa idan masu nema sun yi yawa aka zaɓi wani:

"Barka da yamma Malam. Na gode da zuwan da kuka yi duba gidan ranar Litinin. Ina sanar da ku cewa ba zan samu ba ku gidan ba, na riga na kammala da wani mai nema. Ku yi haƙuri. Kwafin katin shaidarku yana nan, za ku iya aikowa a karɓa, ko in yaga shi in kun fi son haka. Allah ya haɗa ku da wanda ya fi shi alheri."

Lura da inda hukuncin ya zauna: a jimla ta uku, kafin ban haƙuri. Wasu kan jera yabo da addu'a layi shida, mai karatu ya fara murna, sai a can ƙasa ya tarar da "sai dai kuma". Wannan ya fi ciwo. Lura kuma da cewa an ce "ba zan samu ba ku ba", ba a ce "da wuya" ko "a yanzu dai" ba. Kalmar "a yanzu" ƙofa ce a buɗe, kuma zai dawo ya ƙwanƙwasa ta.

Ban haƙuri sau ɗaya ya isa. Wanda ya maimaita shi sau huɗu, sai mai karɓa ya fara tunanin ko an cuce shi ne ake lallashinsa.

Dole ne in faɗi dalili?

A wurare da yawa doka ba ta tilasta maka ba, amma akwai inda take tilastawa a wasu yanayi. A Amurka, misali, idan ka ƙi mutum saboda abin da ka gani a rahoton tarihin bashinsa da wani kamfani ya haɗa maka, wajibi ne ka sanar da shi hakan, ka gaya masa sunan kamfanin, domin ya nemi rahoton ya gyara in akwai kuskure. Don haka mai gida ya fara duba abin da dokar wurinsa ta ce.

Inda aka bar maka zaɓi, ga yadda nake yi. Ina faɗin dalili idan ya cika sharuɗɗa uku: gaskiya ne, ya shafi gidan ko ƙa'idar hayar, kuma shi zan faɗa wa duk wanda ya zo da irin wannan yanayi. "Gidan na zama ne, ba a sana'a a ciki." "Ina buƙatar wanda zai tsaya wa ɗan haya, kuma ba a samu ba." "Ranar da kuke son shiga ta yi nisa, ba zan iya barin gidan a rufe wata uku ba." Duk waɗannan mutum zai ji su ba tare da ya ji an taɓa mutuncinsa ba, wani ma ya amfana da su a nemansa na gaba.

Dalili ɗaya kawai. Idan ka jero uku, ka ba shi abubuwa uku da zai yi jayayya a kai, kuma zai kama mafi rauni ya rusa, sannan ya ce tunda wannan ya faɗi, sai a ba shi gida. Kuma kada dalilin ya zama siffanta mutum. Cewa "abin da kuka nuna na samu bai kai ƙa'idar da na sa wa kowa ba" magana ce a kan takarda. Cewa "ba na jin za ku iya biya" zagi ne, ko da an faɗa da murmushi.

Idan dalilinka bai cika sharuɗɗan nan ba, to ka tsaya ka tambayi kanka ko dalili ne na ƙwarai tun farko.

Me zai hana in ce "an riga an kama" ko "ƙanena ne zai shiga"? Ai ta fi sauƙi, kuma ba wanda ya ji ciwo.

Na taɓa yin wannan, kuma ita ce rigima mafi tsawo da na yi a kan gidan da mutum bai kwana a cikinsa ko sau ɗaya ba. Wani magidanci ya zo neman sashen sama. Bayan na bincika sai na ga abin da yake samu a wata, kusan rabinsa kuɗin haya zai cinye, ni kuma ƙa'idata kada haya ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Na ji nauyin gaya masa haka, sai na ce masa an riga an kama. Ya yi godiya ya tafi.

Allon sanarwa kuwa yana nan a jikin ƙofa, ban cire ba, tunda gidan bai samu mai shiga ba. Bayan mako biyu ya biyo ta layin ya gani. Bai zo wurina ba. Abokinsa ya turo ya tambaya, yaron da ke riƙe da makulli ya buɗe masa ya zagaya da shi har bayi, ya ce ai ba kowa. Da yamma suka zo mini su biyu. Tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, me ka gani a jikina?" A lokacin na faɗi ainihin dalilin, amma ya riga ya zama banza, domin wanda aka kama da ƙarya ta farko ba a sayen gaskiyarsa ta biyu. Ya tafi da yaƙinin cewa saboda asalinsa na hana shi, kuma haka ya riƙa faɗa wa mutane har kusan shekara.

Gidan haya ba ya ɓoyuwa. Ko dai da labule a taga da takalma a ƙofa, ko babu. Duk ƙaryar da ta shafi ko akwai mutum a ciki, ranar tonuwarta na zuwa. A ƙasashen da ke da dokar hana wariya a gidaje, da wannan dabarar ta turo aboki ake kama masu gida: mutum biyu su tambayi gida ɗaya, a ce wa ɗaya babu, a ce wa ɗaya akwai, shi ke nan an samu hujja. Idan ba ka son faɗin dalili, akwai maganar da ba ƙarya a cikinta: "Na duba, ba zan samu ba ku gidan ba." Ba ta da daɗi kamar waccan, amma ba abin da zai tonu a bayanta.

Akwai dalilan da bai kamata in ƙi mutum saboda su ba?

Akwai. A Amurka dokar 1968 ta haramta ƙin ba mutum haya saboda launin fata ko ƙabila ko addini ko ƙasar asali, aka ƙara bambancin mace da namiji a 1974, sannan a 1988 aka ƙara naƙasa da kasancewar mutum yana da yara. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta hana irin wannan wariya. Jerin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tushen ɗaya ne: ana auna mai nema da abin da ya shafi haya, wato iya biya, da kula da gida, da bin yarjejeniya.

Ko inda doka ba ta bibiyar wannan, zuciyar mutum na bibiya. Ba hanin da ke daɗewa a rai kamar wanda aka yi wa mutum saboda abin da aka haife shi da shi. Kuma taushin lafazi ba ya gyara shi. "Ba don komai ba, maƙwabta ne ba za su saba da ku ba" wariya ce da aka sa wa riga.

Abin da ke kare mai gida shi ne ya rubuta ƙa'idojinsa kafin mai nema na farko ya zo: iya adadin mutanen da gidan zai ɗauka gwargwadon ɗakunansa, ko ana sana'a a ciki, ko ana kiwo, wa zai tsaya wa ɗan haya, wace shaidar samu ake so. Ya nuna wa kowa takarda ɗaya. Ranar da zai ce "a'a", sai ya nuna layin da ba a cika ba. Amfani na biyu kuma, rabin waɗanda da za ka sallama za su sallami kansu tun a bakin ƙofa.

Ya riga ya ba ni kafin alƙalami. Yaya zan yi?

Idan kai ne ka fasa, ka mayar masa da kuɗinsa cif, ba ragi, kuma a ranar da ka sanar da shi. Kada ka ce sai sabon ɗan haya ya biya. Kada ka cire kuɗin wahala. Kuɗin ya bi hanyar da ya zo: in ta banki ya zo, ya koma asusun da ya fito daga ciki, ba asusun wani ɗan'uwansa ba, in hannu da hannu ne, a mayar a gaban shaida, ya sa hannu a bayan rasit ɗin da ka ba shi cewa ya karɓa.

Wasu ƙasashe sun yanka wa wannan ƙa'ida. A Ingila, tun 2019, kuɗin riƙe gida ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuma idan mai gida ne ya fasa, kwana bakwai yake da su ya mayar. In kuma zai riƙe kuɗin, misali domin mai nema ya ba da bayanin ƙarya, sai ya rubuta masa dalili. Ko ba a ƙarƙashin wannan doka kake ba, ma'auni ne mai kyau.

Gyaran na gaskiya kuwa tun ranar karɓa yake. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa da zarar kuɗi ya shiga hannun mai gida, ciniki ya faɗa, kuma a wasu wuraren alƙali ma zai iya kallon abin haka idan an riga an daidaita a kan kuɗi da ranar shiga. Saboda haka ko dai kada ka karɓi komai sai ka gama bincike, ko ka rubuta a jikin rasit: "Kuɗin riƙe gida ne zuwa rana kaza. Ba yarjejeniyar haya ba ce. Idan mai gida bai amince ba, za a mayar gaba ɗaya." Makulli kuwa kada ya bar hannunka, ko da sunan "bari in share kafin nan". Wanda ya sa tabarma ɗaya a ɗaki, fitar da shi wata shari'a ce daban.

Za ka iya nuna mini yadda abin ke tafiya daga farko har ƙarshe?

Wani tela ya zo ranar Litinin ya duba gida mai ɗaki biyu da falo. Mutumin kirki, mai tsaya masa ma na san shi. Talata ya kawo kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin goma na kuɗin hayar, na ba shi rasit mai ɗauke da wancan rubutu, da wa'adi zuwa Juma'a. Laraba ya dawo da awo a hannu yana gwada faɗin falo. Da na tambaya, sai ya ce keke uku zai jera a nan, da yara biyu masu koyon aiki, kafin ya samu shago. Bai ɓoye ba, ni ne ban tambaya ba ranar farko, shi kuma bai karanta takardar ƙa'idoji da kyau ba. A ƙasan falon nan kuwa ɗakin kwanan wasu ne, kuma na riga na yi musu alkawari a rubuce cewa gidan na zama ne.

Ban ba shi amsa a tsaye a falon ba, ga yaransa na ji. Na ce zan kira shi da safe. Alhamis na kira, muka gaisa, na ce: "Malam, maganar gidan nan ce. Na kwana da ita, kuma ba za ta yiwu ba. Ƙa'idar gidan ba a sana'a a ciki, na kuma ɗaure kaina da ita a wurin na ƙasa. Laifina ne da ban tambaye ku tun ranar Litinin ba." Ya yi shiru, sannan ya ce zai ƙara a kan kuɗin. Na ce ba maganar kuɗi ba ce. Ya ce to keke ɗaya kawai, kuma ba zai yi aikin dare ba. Nan ne wurin da mutum ke zamewa, domin tayin ya yi kama da adalci. Amma keke ɗaya yakan zama uku idan aiki ya yi yawa, kuma ni zan koma ɗan sandan ƙirga kekuna a gidana. Na ce: "Ko ɗaya ne, sana'a ce. Ku yi haƙuri." Ban ƙara wani dalili ba.

Muna ajiye waya na tura kuɗinsa, sannan na aika da wannan:

"Malam, kamar yadda muka yi magana ɗazu, ba zan samu ba ku gidan ba, saboda ƙa'idarsa ta hana yin sana'a a ciki. Na mayar da kafin alƙalaminku gaba ɗaya zuwa asusun da kuka turo da shi, ga shaidar nan. Don Allah ku tabbatar mini idan ya shiga. Na gode da gaskiyar da kuka faɗa mini. Allah ya buɗa."

Bayan awa ɗaya ya amsa: "Ya shiga. Na gode." Waɗannan kalmomi huɗu na ajiye su tare da kwafin rasit. Abin da na ɗauki laifinsa a waya shi ne rashin tambaya da wuri, wanda gaskiya ne kuma ba ya jawo mini komai. Ban ce na yi kuskure da na hana shi ba, domin ban yi ba.

Tsohon mai gidansa ne ya ce mini ba ya biya a kan lokaci. In gaya masa?

Kada ka ce "wane ya ce". Ka haɗa faɗa tsakanin mutum biyu, kuma gobe ba mai sake gaya maka gaskiya. Sannan maganar tsohon mai gida ba wahayi ba ce. Wani yana ɓata ɗan haya domin sun rabu baram-baram a kan gyaran rufi, wani kuma yana yabon mugun ɗan haya domin ya rabu da shi. Kafin ka yanke, ka nemi mai neman ya nuna maka rasit ɗin biyansa na baya. In ya kawo su a jere, maganar ta mutu. In ya kasa, dalilinka ya zama "ban samu shaidar biyan haya ta baya da nake buƙata ba", wanda naka ne, ba na wani ba.

Babban mutum ne ya turo shi, ko ɗan'uwa ne. Nan fa?

Nan amsa biyu za ka bayar, kuma ka fara da wanda ya turo. Kada ya ji daga bakin yaron, domin zai ji ta a karkace. Ka je ko ka kira: "Baba, yaron da kuka turo ya zo, na kuma karɓe shi saboda ku. Sai dai gidan ba zai yiwu ba, akwai ƙa'idar da nake bi da kowa, kuma ba a cika ta ba. Na ga ya dace ku fara ji daga bakina." Kada ka buɗe masa sirrin samun yaron ko bashinsa. Idan ya ce shi zai tsaya masa, kuma matsalar dama ta mai tsayawa ce, to sai ka ce madalla, ga takarda a sa hannu. A nan ake gane tsayawar baki da ta gaske. Da yawa za su ce bari su yi shawara, kuma maganar ta ƙare ba tare da kai ka ƙare ta ba.

Na fi son ɓacin ran mako ɗaya da ɗan'uwa a kan hani, da shekara biyu ina jin nauyin tambayarsa kuɗin haya.

Dillali ne ya kawo shi. Ba sai shi ya gaya masa ba?

Zai iya, amma ka rubuta masa abin da zai faɗa, ka kuma aika wa mai neman kwafi in kana da lambarsa. Dillali yana son ya riƙe mai nema domin ya kai shi wani gidan, saboda haka yakan ɗora maka laifin da ba naka ba, ko ya ƙirƙiro dalili, ko ya ce "ana kan magana" har mako uku. Ka kuma tambaye shi ƙarara ko ya karɓi wani abu da sunanka. Kuɗin da aka ba dillali "a kai wa mai gida", a wurin mai nema kai ka ci shi.

Ya fusata, yana ta turo saƙonni. In mayar masa?

Sau ɗaya, a taƙaice, da irin kalmomin farko: "Na fahimci ba ku ji daɗi ba. Hukuncin dai bai canza ba, kuma kuɗinku ya koma ranar Alhamis. Allah ya sa a dace." Daga nan ka yi shiru. Kowane sabon bayani sabon abin kamawa ne, kuma in dalilin da ka faɗa yau ya ɗan bambanta da na jiya, to ka ba shi hujjar cewa dama akwai abin da kake ɓoyewa. Kada ka goge saƙonnin. Idan ya ambaci ƙara ko lauya, ka daina jayayya a waya, ka tattara takardar ƙa'idoji da rasit da shaidar mayar da kuɗi ka kai wa naka lauyan.

Takardun da ya bari fa?

Nasa ne. Na asali a mayar masa hannu da hannu. Kwafin katin shaida da takardar banki da hotuna, a mayar ko a lalata, har da waɗanda ke cikin wayarka. Abin da za ka ajiye kaɗan ne: fom ɗin da ya cika, saƙon da ka aika, shaidar kuɗi, da layi ɗaya na dalili da kwanan wata. Abin da ka gani a takardar bankinsa kuma ba labarin zaure ba ne.

Wanda na zaɓa ya janye. Zan iya komawa wurin wanda na sallama?

Ya danganta da abin da ka gaya masa. Idan ka ce an kammala da wani, kuma gaskiya ne, kiran ba shi da nauyi: "Malam, wancan bai kammala ba, in har yanzu kuna nema, gidan na nan." Da yawa za su yi murna. Idan kuwa saboda ƙa'ida ka hana shi, to sai in yanayinsa ya canza, misali telan nan ya samu shago, ko an samu mai tsayawa. Kada ka koma masa don kawai gidan ya daɗe a rufe, domin ka nuna masa ƙa'idarka ta roba ce, kuma zai ja ta tun watan farko.

Shi ya sa ba na rubuta "zan neme ku in wani ya samu" sai ga wanda da gaske zan nema. Irin waɗannan nakan tambaye su izinin ajiye lambarsu, in rubuta ta a bayan littafin haya tare da irin gidan da suke so da watan da suke son shiga.